Kamfanin inshora ya ce kai ma kana da kaso a laifin hatsarin: tambayoyi da amsoshi

Duk amsoshin da ke ƙasa a kan misali ɗaya aka gina su, don kada magana ta warwatse. A ce wata malamar makaranta ce a cikin Corolla da safe, tana cikin shatale-tale, sai wata tsohuwar Golf ta shigo daga titin da ke damanta ta daki ƙofarta ta baya. Ba wanda ya ji rauni. 'Yan sandan MTD, wato sashen da ke kula da zirga-zirgar motoci, sun zo sun yi zane, fanalbita da mai kayan gyara sun yi lissafi ya kama naira 2,400,000. Mai Golf yana da inshorar gaske, irin wadda ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Bayan makonni kamfanin ya aiko wa malama wasiƙa cewa ya ɗora mata kashi 30 cikin ɗari na laifin, domin a cewarsa ta taso daga layin ciki zuwa na waje ba sigina. Don haka zai biya 1,680,000, ragowar 720,000 kuma ta san inda za ta nemo.

Wa ya ba kamfanin inshora ikon raba laifi? Ba aikin alƙali ba ne?

Aikin alƙali ne. Abin da kamfanin ya rubuta ra'ayinsa ne a kan abin da yake ganin kotu za ta yanke in an je gabanta, kuma tayi ne da yake so a karɓa. Bai ɗaure kowa ba sai an sa hannu. Asalin abin yana cikin dokar diyya da kotunan Najeriya ke aiki da ita: idan wanda aka yi wa ɓarna shi ma sakacinsa ya taimaka wajen aukuwarta, ba a hana shi diyya gaba ɗaya, ana rage masa ne gwargwadon kasonsa. Kamfanin yana tsaye ne a madadin direban da ya yi masa inshora, saboda haka duk kariyar da direban zai iya kawowa a kotu shi ma yana iya kawo ta a wasiƙa.

Akwai ƙa'ida ɗaya a nan da mutane da yawa ba su sani ba, kuma ita ce ƙashin bayan duk gardamar: wanda ya ce kai ma ka yi sakaci, shi ne zai kawo hujja. Naka shi ne ka nuna mai Golf ya yi laifi kuma laifin ya jawo maka asara. Maganar cewa malama ta canza layi ba sigina, kamfanin ne ya ɗago ta, shi ne kuma zai tabbatar da ita.

To daga ina wannan kashi 30 ɗin ya fito?

Ba sikeli ake ɗorawa ba. Ma'aikacin da ke duba fayil yana da fom ɗin da mai Golf ya cika, da rahoton 'yan sanda in an kawo, da hotunan ɓarna, da rahoton injiniyan da ya duba motocin. Sau da yawa bai taɓa taka wurin ba. Idan labarin direbobin biyu ya saɓa kuma ba abin da ya raba gardamar a cikin fayil, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya yanka wani kaso ya ga ko za a karɓa. Ni a ganina yawancin waɗannan kashi 20 da 30 ɗin haka ake samunsu, ba don mugunta ba, sai don fayil ɗin ya zo da giɓi kuma mutum ɗaya ne ya yi magana da kamfanin tun farko, wato wanda ya yi ɓarnar.

Shi ya sa matakin farko ba faɗa ba ne. A rubuta musu a ce su faɗi abu uku a rubuce: wane aiki takamaimai suke cewa malama ta yi ko ta ƙi yi, wace ƙa'idar tuƙi ce ya saɓa wa, kuma da wace hujja suka dogara. In amsar ta dawo cewa hujjar ita ce bayanin mai Golf kaɗai, to an san girman abin da ake fuskanta.

An cire min kuɗi, amma ban gane ko na laifi ne ko na wani abu ba. Yaya zan bambance?

Nemi lissafin dalla-dalla, domin ragi iri-iri ne kuma kowane da hanyar jayayyarsa. Akwai ragin kason laifi, wanda shi ne maganarmu. Akwai ragin da ake yi saboda an sa sabon kaya a gurbin tsoho, misali tayar da ta kusa ƙarewa aka musanya da sabuwa dal. Akwai inda injiniyan kamfani ya ce kuɗin da gareji ya rubuta ya yi yawa ya sauke shi. Akwai kuma rufin inshorar kanta: tun 1 ga Janairun 2023 da NAICOM, hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin inshora, ta mayar da kuɗin inshorar motar gida irin wadda ke biyan wanda aka yi wa ɓarna daga naira 5,000 zuwa 15,000, iyakar abin da ake biya na ɓarnar dukiyar wani ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Da gyaran Corolla ya kai miliyan 4, to ko an wanke malama tas, miliyan 3 kamfanin zai bayar, sauran kuma sai ta bi mai Golf da kansa. Zane da shaida ba sa maganin waɗannan ukun na baya.

Me zan duba a zanen 'yan sanda?

Da farko ka samu kwafinsa mai hatimi daga ofishin da ya yi binciken, tare da rahoton da bayanan da direbobi suka rubuta. Kada ka tsaya a hoton waya da aka ɗauka a gurguje a kan bonet.

Sannan ka zauna da shi kamar mai karatun allo. Abu mafi muhimmanci a cikinsa shi ne wurin da aka haɗu, wanda ya bambanta da wurin da motoci suka tsaya. Mota takan yi gaba bayan an buge ta, ko direba ya gangara gefe don kada ya tare hanya. Wurin haɗuwa ana gane shi ne da abin da ya zuba a ƙasa: fasasshen gilashin fitila, busasshiyar laka da ta kakkaɓo daga ƙarƙashin mudugadi, ruwan lagireto, ko inda sawun taya ya karkace farat ɗaya. Duba ko ɗan sandan ya sa alama a wurin, kuma ko ya auna tazararsa daga wani abu da ba ya motsi, kamar bakin kwalta ko turken fitila. Duba faɗin titin, yawan layuka, da kibiyar da ke nuna inda kowa ya fito. Duba sawun birki: na wace mota ne, daga ina ya fara, mita nawa ne.

A misalinmu zanen ya nuna gilashi da laka a layin waje, mita 2 bayan farin layin da mai shigowa ya kamata ya dakata a kansa. Ya kuma nuna sawun birkin Golf mai tsawon mita 9, wanda ya fara mita 7 kafin layin ya ƙare a wurin haɗuwa. A nan sai a yi hattara. Gilashin da ke layin waje bai raba gardama ba, domin ko malama tana layin waje tun farko, ko yanzu ta taso daga na ciki, a nan ɗin dai za a haɗu. Wanda ya rubuta wa kamfani cewa gilashin ya wanke shi zai sha kunya. Sawun birkin shi ne abin kamawa.

Me sawun birki na mita 9 yake nunawa?

Mai Golf ya rubuta a fom cewa ya tsaya cak a bakin shatale-talen, ya ga layin waje ba kowa, ya shiga a hankali, sai ga Corolla ta yanko gabansa. Motar da ta tsaya a kan layi ta taso ta yi mita 2 ba za ta bar sawun da ya fara mita 7 a bayan layin ba. Ko ba lissafi, wannan ya isa ya rushe labarinsa. Amma akwai lissafin da masu binciken hatsari ke yi:

```
v = √(254 × f × d)
```

A nan `v` gudun mota ne da kilomita a awa, `d` tsawon sawun da mita, `f` kuma kamun taya da ƙasa, wanda a busasshiyar kwalta mai kyau akan ɗauke shi kusan 0.7. In aka sa mita 9, amsar tana fitowa wajen 40. Wato Golf tana aƙalla kilomita 40 a awa lokacin da tayoyinta suka kama. An ce aƙalla ne domin sawun bai ƙare don motar ta tsaya ba, ya ƙare ne a jikin Corolla, kuma sauran gudun da ya rage shi ne ya lotsa ƙofar. Mota mai wannan gudun tana cin wajen mita 11 a daƙiƙa ɗaya, kuma direba yakan ɗauki kamar daƙiƙa guda tsakanin ganin haɗari da taka birki. Ke nan mai Golf ya hango Corolla tun yana kusan mita 18 kafin layin.

Lissafin yana da iyaka, kuma gara ka faɗe ta da bakinka kafin su faɗa maka. In akwai yashi ko ƙurar hunturu a kan kwaltar, ko an yi ruwa, kamun tayar yana raguwa, gudun da lissafi zai bayar ma ya ragu. Motoci masu birkin ABS kuma, wanda ke hana taya kullewa in an taka birki, ba sa barin baƙin sawu sosai, saboda haka rashin sawu ba ya nufin ba a taka birki ba. Kada kuma ka ce mai Golf ya wuce ƙa'idar gudu: a cikin gari iyakar ƙaramar mota kilomita 50 ce a awa, kuma lissafin bai nuna ya haura ta ba. Laifinsa shi ne ya doso wurin da ake ba da hanya da gudun da ba zai iya tsayawa ba, sannan ya rubuta cewa ya tsaya.

Lotsewar da ke jikin mota tana ba da shaida?

Ƙwarai, kuma ita ce shaidar da aka fi saurin ɓatarwa, domin mutum yana ɗokin ganin motarsa ta dawo ya sa fanalbita ya buge ta tun kamfani bai turo injiniya ba. Kada a taɓa motar sai sun gani, ko sun rubuto cewa a ci gaba da gyara.

Ka tsaya a gefen Corolla ka duba. Mudugadin gaba na dama lafiya lau, madubi yana nan, ƙofar gaba ko ƙwarzane babu. Ƙofar baya ce ta lotsa ciki, lotsawa mai zurfi daidai tsayin bambar Golf, da jan fenti a bakinta, sannan wani ɗan ƙwarzane ya ja baya zuwa saman taya. A jikin Golf kuwa fitilar hagu da kusurwar bamba ne suka fashe. Motar da ta yanko daga layin ciki ta shiga gaban wata, yawanci kafaɗarta ta gaba ce ke fara taɓawa, kuma ɓarnar takan zama doguwar gogayya daga gaba zuwa baya. Bugu a ƙofar baya yana nuna fiye da rabin Corolla ya riga ya wuce gaban Golf kafin a same ta. Wannan bai kai yanke hukunci shi kaɗai ba, amma ya dace da labarin malama fiye da na ɗaya direban. A ɗauki hotunan da tef ɗin awo a jiki, daga ƙasa zuwa tsakiyar lotsewar, a kuma nemi rahoton VIO in sun duba motocin, domin shi ne zai faɗi ko birki da fitilun sigina suna aiki.

Zanen da kansa ne ba daidai ba, kuma na riga na sa hannu. Shi ke nan?

Ya yi wuya, amma ba shi ke nan ba. Zanen da direbobi biyu suka sa wa hannu yana da nauyi sosai a wurin kamfani da kotu, domin ana ɗauka kowa ya gani ya yarda. Wanda zai ce akwai kuskure sai ya nuna shi da abin da ake iya aunawa. Koma wurin da tef, auna faɗin titin da tazarar turken da aka ambata. In zanen ya ce layi ɗaya ne alhali biyu ne, ko ya sa titi a inda babu, ɗauki hoto. Haɗa da hotunan ranar da abin ya faru, waɗanda wayar ta riƙe kwanan wata da lokacinsu. Sai ka rubuta wa DPO ko shugaban sashen MTD takardar ƙorafi kana nuna kuskuren, ka karɓi kwafi mai shaidar an karɓa, ka aika wa kamfanin. In kuma an yi zanen ne bayan an janye motoci, bisa abin da kowa ya nuna da yatsa, ka faɗi haka ƙarara, domin irin wannan zanen bayanin baki ne aka mayar hoto.

Ga wanda abin bai same shi ba tukuna: kada ka sa hannu a zanen da ba ka karanta ba, ko da ana ta hon a bayanka. In ba ka yarda da wani wuri ba, rubuta hakan kusa da sa hannunka.

Wane irin shaida ne kamfani ke saurara?

Wanda ba ruwansa da kowa, kuma yana tsaye a inda zai iya ganin abin da ake gardama a kai. Na biyun shi ake mantawa. A misalinmu akwai mutum uku. Ƙanwar malama tana kujerar gaba. Za a karɓi bayaninta, amma za a ce jini ɗaya ne. Akwai mai shayi a bakin hanya, mutumin kirki, shi ya fara rugowa, sai dai da aka tambaye shi ya ce yana zuba ruwan zafi ya ji ƙara ya ɗago kai. Bai ga komai kafin bugun ba, saboda haka bayaninsa yana da amfani ne kawai a kan inda motoci suka tsaya da cewa ba wanda ya motsa su kafin 'yan sanda su iso. Na ukun ɗan adaidaita sahu ne da ke bin Corolla a baya tun daga titin da suka shigo. Shi ne mutumin, domin tambayar ita ce a wane layi take, kuma shi yana kallon bayanta tsawon lokacin.

Da malama ta same shi a tasha, abin da ta ce masa kawai shi ne: "Malam, don Allah abin da idonka ya gani nake so, ko ya yi min daɗi ko bai yi ba." Ya ce: "Hajiya, ni dai ina bayanki tun daga gidan mai, a hannun waje muka shiga, a nan muke har mai jar motar ya faɗo. Sigina kam ban lura ba, kada in yi ƙarya." Wannan "ban lura ba" ɗin a bar shi a cikin takardar. Shi ne ke sa mai karatu ya yarda da sauran.

Yaya ake rubuta bayanin shaida?

Da kalmominsa, a harshen da ya yi magana. In da Hausa ya faɗa, a rubuta da Hausa a karanta masa, sannan a yi fassarar Turanci a haɗa, wanda ya fassara ya sa hannu. Ya faɗi rana da lokaci, inda yake, abin da yake yi, tazararsa da motocin, ko akwai abin da ya tare masa gani, sannan abin da ya gani bi da bi. Ya faɗi ko ya san ɗaya daga cikin direbobin. Kada ya ce wane ne mai laifi, wannan ba aikinsa ba ne. Ya sa hannu ko ya dangwala, da kwanan wata da lambar waya, don kamfani ya iya kiransa. In ana so ya ƙara ƙarfi, a je rajistarar kotu ya yi shi a matsayin takardar rantsuwa.

A yi shi da wuri. Bayan wata biyu mutum ya fara haɗa abin da ya gani da abin da ya ji ana faɗa a majalisa. Kuɗin mota da na lokacin da ya ɓata ba laifi ba ne, amma kada a yi masa alkawarin wani abu in an ci nasara, domin ranar da wannan ya fito bayaninsa ya mutu. Haka kuma kyamarar gidan mai ko shagon da ke kallon titi: yawancinsu suna goge tsohon ɗauka da kansu bayan 'yan kwanaki, don haka a nema tun a makon farko. In za a kai bidiyon kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar takardar da ke bayyana na'urar da ta ɗauka da yadda aka kwafo shi.

Wace ƙa'idar tuƙi zan kafa hujja da ita?

Wadda ta dace da wurin, guda ɗaya ko biyu, daga littafin ƙa'idojin hanya na hukumar FRSC da dokokin zirga-zirga na ƙasa na 2012. Tun Afrilun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, ana zagaya shatale-tale ne ta yadda mai shigowa zai duba hagunsa, kuma shi ne zai ba wanda ke ciki hanya. Mai Golf ne mai shigowa. Wannan nauyin yana kansa ko wanda ke ciki yana layin waje ko na ciki, kuma ba ya sauka don ya zaci wancan ba nan zai bi ba.

Sai dai ƙa'idar tana da ɗaya gefen, kuma wanda ya ɓoye shi kamfanin zai tono masa. Wanda ke ciki ma ana so ya riƙe layinsa kuma ya sa sigina in zai fita. Samun hanya ba lasin rufe ido ba ne. To a nan sai a yi tambayar da ke raba laifi da laifi: ko da an ɗauka malama ba ta sa sigina ba, rashin siginar ne ya jawo hatsarin? Mai Golf ya taka birki tun mita 7 kafin layi, ya hango ta tun kafin nan, ya kasa tsayawa. Sigina ba ta ƙara wa motarsa birki. Laifin da bai taimaka wajen aukuwar ɓarnar ba ba ya rage diyya. Haka abin yake ga lasin da ya ƙare ko takardun mota da ba a sabunta ba: abin tara ne tsakaninka da hukuma, kuma yana iya kawo matsala tsakaninka da kamfanin inshorarka, amma ba shi ya sa wani ya daki ƙofarka ba.

Na ce masa "yi haƙuri" a wurin. Za su riƙe ni da wannan?

Za su iya gwadawa. A wurinmu mutum yana ba da haƙuri ko shi aka taka, kuma a wasiƙa sai a bayyana haka. Abin da ke da haɗari shi ne takarda: yarjejeniyar da dattawan unguwa ko shugabannin tasha suka rubuta cewa kowa ya gyara tasa, ko amsa laifi a gaban majistare don a biya tara a tafi gida. Waɗannan suna bin mutum har cikin fayil. Yawancin takardun inshora ma sun hana mai su amsa laifi ko yin sulhu ba da iznin kamfani ba.

Yaya wasiƙar ƙalubale take kasancewa?

Gajera, shafi ɗaya da rabi ya isa, da Turanci tunda da shi ofisoshin ke aiki, zuwa ga shugaban sashen biyan diyya, ɗauke da lambar fayil da lambobin motoci. Ta malama ta tafi kamar haka. Ba ta karɓi ragin kashi 30 ba. Abin da ake zarginta da shi bayanin direbansu ne kaɗai, kuma zanen da shi kansa ya sa wa hannu ya ƙaryata cewa ya tsaya a layi. Ɓarnar tana ƙofar baya, ga hotuna da awo. Ga bayanin wanda ke bayanta cewa a layin waje take tun shigowarta. Ƙa'ida ta ɗora wa mai shigowa ba da hanya. Ko da an ɗauka ba sigina, ba ita ta jawo bugun ba. Tana neman cikakken 2,400,000 cikin kwana 14, in ba haka ba za ta kai ƙorafi gaba.

A sa wa kowace takarda da aka haɗa lamba. A kai da hannu a sa su buga hatimin karɓa a kan kwafi, a kuma tura ta imel. Zagi da rantsuwa da tarihin yadda aka sha wahala a bar su a gida; mai duba fayil yana neman abin da zai nuna wa ogansa ne a matsayin dalilin canza lissafi.

Zan iya karɓar 1,680,000 ɗin in ci gaba da neman sauran?

Karanta takardar sallamar da za su ba ka kafin su biya. Kusan kullum tana cewa wannan ne biya na ƙarshe kuma ba sauran wani haƙƙi. In ka sa hannu a haka, ƙofa ta rufe. Kana iya neman su biya abin da ba a gardama a kai a matsayin wani ɓangare, a rubuta cewa sauran yana nan ana tattaunawa. Wasu sukan yarda, wasu ba sa yarda, kuma alkawarin baki daga ma'aikaci cewa "sa hannu kawai, za mu duba sauran" ba ya goge abin da ke rubuce.

Ina da cikakkiyar inshora a kan motata. Kason laifin ya shafe ni?

Ba kamar yadda ya shafi malama ba. Kamfaninka zai gyara motarka ko kai ne da laifi, ya cire ɗan kason da takardar ta ce kai za ka ɗauka, sannan ya bi ɗaya kamfanin ya karɓo kuɗinsa. Inda kason zai taɓa ka shi ne rangwamen da ake yi wa wanda bai jawo asara ba lokacin sabuntawa, da kuma abin da za a biya ɗaya direban daga inshorarka. Wannan na ƙarshen ya shafi malama ma: in ta amince da kashi 30, ta buɗe wa mai Golf hanyar neman kashi 30 na gyaran motarsa daga gare ta.

In sun ƙi sauya matsayi fa?

Akwai ofishin karɓar ƙorafi a hukumar NAICOM, wadda ke sa ido a kan kamfanonin inshora, kuma za ta so ta ga cewa ka fara bi ta kamfanin, shi ya sa kwafi mai hatimi yake da amfani. Akwai zauren sulhu na kotu a jihohi irin su Kano, inda ake zama da mai shiga tsakani ba tare da doguwar shari'a ba. Sai kotu kanta, inda ake ƙarar direba da mai motar, a sanar da kamfanin a rubuce. A can kowace naira ta gyara sai an nuna rasit ko ƙiyasin da za a iya karewa, kuma ɗan sandan da ya yi zanen da ɗan adaidaitan sai sun zo da bakinsu. Akwai wa'adin shigar da ƙara da ya bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma musayar wasiƙu ba ta tsayar da shi. In motar hukuma ce ta buge ka, ka ga lauya a makon farko, domin dokar da ke kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar.

In suka sauko zuwa kashi 10, in karɓa?

Yi lissafi da alƙalami. Kashi 10 na 2,400,000 naira 240,000 ne. A ɗaya gefen akwai kuɗin lauya, da zirga-zirga, da watannin da motar za ta yi a gareji ko bashin da aka ci aka gyara ta, ga farashin kayan gyara da ba ya jiran kowa. Akwai kuma yiwuwar ɗan adaidaitan ya koma garinsu kafin ranar zama. Da ni ne a matsayin malama, da zane mai sawun mita 9 a hannuna, zan sake rubuta wasiƙa ɗaya in ce su nuna min hujjar kashi 10 ɗin kamar yadda na nemi ta 30. In sun kafe, zan karɓa da sharaɗin a rubuta a takardar sallama cewa sulhu ne ba amsa laifi ba, kuma mai Golf da kamfaninsa ba za su dawo neman komai a kan gyaran tasu motar ba.